Kwandon sharar Gmail: kwana 30 ne, kuma ba ya nuna saura nawa

Ina da shagon buga takardu a Jekadafari, cikin Gombe, kuma ba sabon abu ba ne mutum ya shigo hankali tashe wai saƙonsa ya ɓace daga Gmail. Ra'ayina bayan daɗewa ina wannan aiki: hanyar dawo da saƙo tana da sauƙi ƙwarai, wa'adin ne ke cin mutane.

Wata malamar makaranta ta zo neman rasit ɗin kuɗin makarantar ɗanta. Wurin ajiyarta na kyauta, 15 GB, ya cika, ƙanenta ya yi mata shara, rasit ya bi ruwa. Ta rubuta sunan makarantar a wurin bincike ba ta ga komai ba, ta ɗauka shi ke nan. Alhali binciken Gmail na yau da kullum ba ya leƙa kwandon shara. Na ce, "Malama, kawo wayar." Na rubuta `in:trash` tare da sunan makarantar, sai ga shi. Na buɗe saƙon, na taɓa ɗigo ukun nan na sama, na zaɓi `Move to`, sannan `Inbox`. Ya dawo har da takardar da ke maƙale da shi.

Idan `in:trash` bai fito da komai ba, a gwada `in:anywhere`. Sau da yawa ba a goge saƙon ba ma, yatsa ne ya ja shi gefe ya bar `Inbox` ya koma `All Mail`, inda duk saƙonnin da ba a goge ba suke zama, can kuwa babu wa'adi.

Ga inda nake so a kula. Saƙo yana zama a kwandon shara, wato `Trash` (wasu wayoyin `Bin` suke rubutawa) kwana 30, daga ranar da aka goge shi ake ƙirgawa, ba ranar da ya shigo ba. Amma kwanan watan da ke gefensa na ranar shigowarsa ne. Rasit ɗin malamar na Janairu ne, an goge shi a Mayu, to Janairu yake nunawa, babu abin da zai gaya maka ko gobe zai tafi. Da da hali, da na so a riƙa nuna sauran kwanakin. Shi ya sa ba na barin kowa ya ce sai ya dawo gobe.

Malamar ta yi sa'a ƙanen nata bai danna `Empty Trash now` ba. Masu neman wuri sukan danna shi, domin abin da ke kwandon ma yana cin wuri, kuma wannan gogewar ba ta jiran kwana 30.

Mai adireshin ma'aikata ko na jami'a da ke kan Google Workspace yana da ƙarin dama: mai kula da asusun zai iya dawo da saƙo cikin kwana 25 bayan ya bar kwandon. Mai `@gmail.com` na kansa ba shi da wannan gatan.