Ganawa kai tsaye ko saƙon ƙarshen yini?

Ƙanwata tana koyon aiki daga gida, a ƙauyenmu kusa da Ringim, shugabarta kuma tana New York. Tazarar agogonmu da nasu awa 5 ce a lokacin zafinsu, ta koma 6 daga farkon Nuwamba zuwa Maris, don su suna sauya agogo, mu ba ma sauyawa.

Da farko kullum suna ganawa ta Google Meet, manhajar kiran bidiyo, ƙarfe 2 na ranarsu, wato 7 na yammanmu. Amfaninsa a fili yake: ka yi tambaya, a amsa maka nan take. Amma lokacin magariba ne, batirin sola ya fara sanyi, netwok kuma sai ta fita bakin rijiya. Da agogonsu ya sauya, ta zauna jira ƙarfe 7, ashe ganawar ta koma 8.

Hanya ta biyu rubutu ce a Slack, manhajar tura saƙonni tsakanin abokan aiki. Kafin ta tashi daga aiki takan rubuta abin da ta gama, abin da za ta kama gobe, da inda ta maƙale, haɗe da hoton allon. A bayananta na Slack ta sa "Available 14:00–18:00 WAT", wato tana samuwa daga 2 na rana zuwa 6 na yamma agogon Najeriya, awannin da suke haɗuwa da safiyarsu. Saƙo ba ya cin data sosai, ko da 2G yana tafiya. Aibinsa jinkiri: tambayar da ba ta fito sarai ba takan cinye yini guda.

Ni dai rubutun na fi so mata. Ganawar ta koma sau ɗaya a mako, Talata bayan la'asar.