Gargaɗi: masu kira da sunan taimaka maka cire katin banki daga asusun sayayya

Ina rubuta wannan ne saboda abin da ya sami ƙanwata a watan da ya gabata, domin hanyar da aka bi aka cuce ta tana iya rutsawa da duk wanda ke sayen kaya ta intanet ya kuma bar katinsa a ajiye cikin manhaja.

Kwana biyu bayan an kawo mata takalman da ta saya, wani mutum ya kira ta ya ce daga kamfanin yake. Ya faɗi cikakken sunanta da unguwarsu da lambar gidan, sannan ya ce an ga wani yana ƙoƙarin amfani da katin da ta ajiye, don haka dole a cire katin da adireshin nan take. Ya ce saƙo mai lambobi shida zai shigo wayarta, ta karanta masa don ya kammala cirewar. Saƙon ya shigo, ta karanta masa. Ashe lambar ta sauya kalmar sirrin asusunta ce, wadda shi da kansa ya nema daga can. Kafin la'asar an cire mata naira 18,000, sannan 24,500, sannan 31,000, jimilla 73,500, an kuma tura kayan wani adireshi da ba ta sani ba. Da muka bi diddigi, mun fi zargin cewa daga kwalin takalman da aka jefar a bola ya samo bayananta, domin takardar da ke liƙe a jikinsa tana ɗauke da suna da lambar waya da adireshi.

Mutane da yawa suna tsammanin ba za a iya taɓa kuɗinsu ba sai banki ya turo lambar OTP, amma ba kullum haka take ba. Idan ka biya kuɗi karo na farko ka amince a ajiye katin, kamfanin da ke karɓar kuɗin yana riƙe wata shaida da ke tsayawa a madadin katin, kuma a wasu shagunan wannan shaidar ta isa a sake cire kuɗi ba tare da an tambayi komai ba. Saboda haka wanda ya shiga asusunka tamkar ya riƙe katin ne a hannunsa, ko da bai taɓa ganin lambobinsa ba.

Cire kati aiki ne da mai asusu ke yi da hannunsa, kuma ba ya buƙatar OTP, ko lambobi uku na bayan kati, ko PIN. Duk wanda ya nemi ɗaya daga cikinsu da sunan cirewa ɗan damfara ne, a kashe wayar kawai. Ka buɗe manhajar da kanka, ba ta wani mahaɗi da aka turo maka ba, ka shiga sashen asusunka, ka nemi wurin biyan kuɗi, wanda galibi ake rubuta masa `Payment methods` ko `Saved cards`. Za ka ga lambobi huɗu na ƙarshen katin. Ka danna `Remove` ko `Delete`, sannan ka fita ka dawo ka tabbatar ya ɓace. Daga nan ka shiga `Address Book` ka goge adireshin. Idan manhajar ta ƙi goge wanda aka sa a matsayin babban adireshi, ka fara saka wani, misali na wurin karɓar kaya, sannan ka goge na gidan. Idan kuma ka tarar da adireshin da ba kai ka saka ba, wani ya riga ya shiga, don haka ka ɗauki hotonsa kafin ka goge, saboda za a buƙace shi wajen kai ƙara.

Kuskuren da ƙanwata ta yi bayan an fara cire mata kuɗin shi ne ta goge manhajar daga wayarta tana zaton an gama. Goge manhaja ba ya taɓa asusu, domin katin da adireshin suna can a rumbun kamfanin. Cire kuɗi na uku ya faru ne bayan ta goge ta. Abin da ya tsayar da ɓarnar shi ne toshe katin a banki, kuma shi ne ya kamata a fara yi da zarar an ga cirewar da ba a sani ba, kafin a koma kan sauya kalmar sirri da fitar da sauran na'urorin da suka shiga asusun.

Akwai iyaka ga wannan gogewar. Adireshin da aka yi amfani da shi yana nan a tarihin tsofaffin oda, kuma kayan da ke kan hanya za su je inda aka rubuta tun farko. Wanda yake son a share bayanansa gaba ɗaya sai ya rubuta wa kamfanin ya nemi a rufe asusun, kuma a Najeriya dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta ba shi damar neman hakan. A gidanmu yanzu ba a fitar da kwali sai an ɓare takardar jikinsa an ƙona ta.