Wannan wane yare ne? Hanyoyin gane harshen rubutu kafin ka kashe kuɗi a kan fassara

Ana saura 'yan makonni azumin 2025, wani Alhaji maƙwabcina mai sayar da dabino ya shigo shagona riƙe da waya, ransa a ɓace. Wani dillali ya turo masa hoton gefen kwalin dabino da ake so ya saya, shi kuwa ya hango lambobi ۱۴۰۴/۰۶/۱۵ a wurin da ake sa ranar lalacewar kaya. Ya ce, "Malam, duba min nan. Muna 1446, su kuma sun rubuta 1404. Kayan da ya mutu shekara arba'in da biyu za a sayar min?" Kafin ya zo har ya sa hoton a manhajar fassara, ya zaɓi Larabci da hannunsa, abin da ta ba shi kuwa ba kai ba gindi. Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri tukuna, mu fara sanin ko Larabcin ne ma."

Ba Larabci ba ne, Farisanci ne, harshen Iran, kuma lissafin shekararsu daban yake da namu. Tun daga ranar nake gaya wa duk wanda ya kawo min hoton rubutu cewa aikin biyu ne. Da farko a gane harshen, sannan a yanke shawarar wa zai fassara. Hanyoyin ganewa da ke hannun yawancinmu su ne ido, manhajar waya, da mutum, kuma kowace da inda take ƙarewa.

Ido ne ya fi araha, kuma shi mutane suka fi rainawa. Mu da muka tashi da karatun allo muna da sa'a a nan, domin mun san baƙaƙen Larabci ashirin da takwas, saboda haka baƙon harafi ba ya ɓoye mana idan muka natsu. Farisanci ya ari rubutun Larabci ya ƙara haruffa huɗu: پ da چ da ژ da گ. A kwalin Alhaji akwai layin da ke cewa در جای خشک و خنک نگهداری شود, wato a ajiye a busasshen wuri mai sanyi. Dubi kalmar نگهداری, za ka ga kaf mai ƙarin sanda a kansa, wanda babu shi a daidaitaccen Larabci. Sannan duk layin babu kalma ɗaya mai ال a farkonta, babu ة ko ɗaya, alhali da wuya ka karanta layi biyu na Larabci ba ka ci karo da su ba. Lambobin ma sun ba da shaida. Balarabe yana rubuta huɗu da biyar da shida haka: ٤ ٥ ٦, mutumin Iran kuwa haka: ۴ ۵ ۶.

Da a ce daga Pakistan kayan ya fito, Urdu za ka gani, shi kuma alamarsa ƙaramin ط da ake ɗora wa wasu haruffa, kamar ٹ da ڈ da ڑ, sai nun marar ɗigo ں, da wata doguwar ya mai komowa baya, ے. Kalmomin ہے da کے da میں suna yawan maimaituwa a cikinsa. Pashto na Afghanistan da Pakistan kuma ƙaramin zobe yake rataya wa haruffa, kamar ټ da ډ. Kama da wane ba ta wane, duk rubutu ɗaya ne a idon mai sauri, amma harsuna huɗu ne da masu su ba sa jin juna.

Wannan dabarar tana aiki a sauran rubuce-rubuce. Allon mota 'yar kwatano da ya cika da zane-zane, idan ka ga haruffa masu sauƙi masu lanƙwasa irin の a tsakanin masu sarƙaƙiya, Japananci ne, ba Sinanci ba. Idan ƙananan da'ira sun yi yawa, kamar 이, na Koriya ne. A rubutun boko kuma, ğ da ı marar ɗigo na Turkanci ne, ã da õ sun fi nuna Fotugis, ñ kuma Sifaniyanci. Iyakar ido ita ce harsunan da suka yi tarayya a haruffa kusan gaba ɗaya. Hindi da Nepali, ko Amharik da Tigrinya, wanda bai iya su ba zai sha wuya kafin ya raba su da kallo kawai.

Hanya ta biyu ita ce wayarka. A Google Translate, maimakon ka zaɓi harshe da kanka, ka bar shi a kan Detect language, ka sa rubutun, sunan harshen zai fito a sama. Idan hoto ne, Google Lens ko kyamarar cikin manhajar za ta karanto haruffan. Kyauta ne in ban da data, kuma ga sakin layi cikakke da aka buga da na'ura a babban harshe, da wuya ta kuskure. Amma ka san cewa a hoto aiki biyu take yi a jere: ta karanta haruffa, sannan ta yi hasashen harshe daga abin da ta karanta. Idan hoton ya dusashe har گ ya koma ك, shaidar da za ta raba Farisanci da Larabci ta ɓace tun a matakin farko. Shi ya sa nake cewa a roƙi mai turowa ya aiko da hoton a matsayin Document a WhatsApp, don kada a matse shi ya rasa kaifinsa. In kuma saƙo ne aka ɗauki hotonsa, ya kwafo rubutun kansa ya turo, ya fi kowane hoto.

Gajartar rubutu ita ce babbar matsalarta. Na'urar tana duba yadda haruffa ke bin juna ne, ta kwatanta da abin da ta saba gani a kowane harshe. Kalma biyu ko uku ba su isa ba, balle idan suna ne, ko lamba, ko kalmar aro. Kalmar تاریخ, alal misali, tana nan a Larabci da Farisanci da Urdu. Idan ita kaɗai ka yanko daga hoton, ka bar na'urar da canki-canka. Don haka kada ka yanko kan takarda ko sunan kamfani. Nemi jimla mafi tsawo, irin ta gargaɗi ko bayanin yadda ake amfani, domin a nan ƙananan kalmomin harshen suke, irin su که da را da است a Farisanci. Gwada layi biyu ko uku dabam-dabam. Idan amsar tana sauyawa daga layi zuwa layi, ko dai na'urar ba ta gane ba, ko kuma kwalin harsuna biyu ne a kansa, abin da ya zama ruwan dare a kayan da suka biyo ta Dubai.

Akwai wani abu da ya kamata kowa ya riƙe. Irin waɗannan na'urori suna zaɓa ne daga jerin harsunan da aka koya musu, kuma yawancinsu ba sa cewa ba su sani ba, sai dai su ba ka mafi kusa. Masu rubuta manhaja da ke son tace saƙonni ɗaruruwa su lura da wannan kafin su zaɓi kayan aiki: langdetect harsuna 55 ya sani, lid.176 na fastText kuma 176, amma babu Hausa a cikin ko wannensu, alhali CLD3 yana da ita. Wanda ya zuba saƙonnin Hausa a na farkon zai ga an raba masa su ga harsunan da ba su da alaƙa da ita. Haka abin yake ga ajami. Tsohuwar wasiƙar kakanka ta Hausa ko Fulfulde da aka rubuta da ajami, na'ura za ta ɗauke ta a matsayin Larabci ko wani ɗan'uwansa a rubutu, ta kuma ƙirƙiro maka fassarar da ba ta da tushe. A nan idonka ya fi ta nesa ba kusa ba: wasali a kan kowane harafi, fa mai ɗigo a ƙasa, ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama, ka karanta a bayyane ka ji Hausa na fitowa. Larabcin da matasa ke rubutawa da boko suna cusa lambobi, 3 a madadin ع da 7 a madadin ح, shi ma yakan rikita ta.

Sai batun sirri, wanda ke damuna ƙwarai. Hoton da ka sa a manhaja yakan bar wayarka ya tafi wata na'ura can. Kwalin dabino ba komai, amma takardar asibiti, ko kwangila, ko fasfo, ka rufe suna da lambobi tukuna. Gane harshe ba ya buƙatar sunan kowa, jimla ɗaya daga tsakiyar takardar ta wadatar.

Hanya ta uku mutum ne, kuma ita ce ta fi cin lokaci, wani sa'in da kuɗi. Malamin Larabci na unguwarku zai gaya maka cikin daƙiƙa kaɗan cewa wannan ba Larabci ba ne, kuma wannan amsar kaɗai tana da daraja. Amma kada ka matsa masa ya fassara. Zai iya furta haruffan, ya tsinci kalmomin aro nan da can, kamar yadda kai ma za ka iya karanta Turkanci da boko ba tare da ka san me ka faɗa ba. Fassarar da aka harhaɗa daga tsintattun kalmomi ta fi rashin fassara haɗari, domin tana zuwa da kamar gaskiya. Nemi wanda ya zauna a ƙasar ko ya yi karatu a can. Idan kuma takarda ce da za a kai ofishin jakadanci ko kotu ko makaranta, sai ƙwararren mai fassara da zai sa hannu da hatimi, kuma abin da zai fara tambayarka shi ne daga wane harshe, tun da a kansa ake neman mai aikin, a kansa ake yin ciniki.

Ni dai ga yadda nake zaɓa. Idan abin sha'awa ne kawai, kamar rubutu a jikin riga ko sharhi a ƙarƙashin bidiyo, manhaja ta isa. Idan kuɗi zai fita, ina son shaidu biyu su haɗu, ido da manhaja, kafin in yarda da sunan harshen. Idan magani ne ko takardar shari'a, ko an samu saɓani tsakanin shaidun nan biyu, sai an kai ga mutum.

A kan kwalin Alhaji shaidun biyu sun haɗu. Da muka mayar da manhajar kan gano harshe da kanta, muka ba ta dogon layin nan, ta ce Farisanci, ta fassara تاریخ انقضا da ranar ƙarewar wa'adi. Lambobin kuwa ta bar su yadda suke, domin fassara ba ta sauya kalanda. Wannan sai da sanin mutum: Iran tana ƙirga shekara daga Hijira, amma da rana take lissafi, ba da wata ba, kuma shekararta tana farawa wajen 21 ga Maris. Ka ƙara 621 a kan shekarar, ko 622 idan ranar ta faɗo tsakanin 1 ga Janairu da wajen 20 ga Maris. Wato 1404 ta fara ne a Maris 2025, ranar 15 ga watansu na shida kuma ta faɗo a farkon Satumba 2025. Dabinon yana da sauran fiye da wata shida. Alhaji ya sa na sake lissafin a takarda a gabansa, ya ninke ta ya sa a aljihu, sannan ya kira dillalin ya ce a ajiye masa kwali hamsin.