Sharhi kan ƙaramar lasifikar ɗamara: abin da ta rage wa maƙogwarona da abin da ta bar mini

Ina koyarwa a wata makarantar firamare a Garwa ta ƙasar Kamaru, da yamma kuma ina da ajin Islamiyya a unguwarmu. Tun farkon shekarar karatu a watan Satumba nake amfani da ƙaramar lasifikar nan da ake ɗaurawa a ƙugu, mai makirufo da ake maƙalawa a kai ya zagayo gefen baki. Na saye ta a babbar kasuwa sefa 12,000, bayan ciniki. Ta ci damina, ta ci hunturu, yanzu tana cikin zafin bazara, don haka ina ganin na san halinta sosai yadda zan iya ba 'yan'uwa malamai da masu wa'azi da 'yan kasuwa labarinta. Hukuncina tun daga farko shi ne ta ci kuɗinta. Amma aikinta guda ɗaya ne tak: tana ɗauke wa mutum ɗaga murya. Yawan magana da bushewar maƙogwaro suna nan inda suke, kuma wanda ya saye ta da nufin magani ya sayi abin da ba na sayarwa ba.

Sai an fahimci abin da ke dusashe murya sannan a gane inda na'urar take taimakawa. A cikin maƙogwaro, daidai bayan ƙullutun nan da yake fitowa fili a wuyan maza, akwai wasu siraran tantani guda biyu. Idan iska ta taso daga huhu sai su riƙa haɗuwa suna rabuwa da sauri, wannan kaɗawar ita ce murya. Na namiji sukan kaɗa kamar sau 100 zuwa 120 a daƙiƙa ɗaya, na mace kamar sau 200. Ke nan ni da nake mace, idan aka tara sautin da na fitar a wuni ya kai awa ɗaya cur, tantanin nan sun bugi juna wajen sau 720,000. Lasifika ba ta rage wannan lissafi ko da ɗaya. Abin da take ragewa shi ne ƙarfin bugun. Magana a hankali taɓawa ce, ihu kuwa karo ne, kuma karon nan idan ya daɗe yana maimaituwa a wuri ɗaya shi ke fara kumbura gefen tantanin, daga baya ya zama ƙullutu ƙanana biyu masu fuskantar juna, kamar kantar da fartanya ke fitarwa a tafin manomi. Da zarar sun fito tantanin ba sa rufuwa ruf, iska tana zurarewa, murya ta zama mai shaƙe-shaƙe, mai ita kuma ya ƙara matsawa don a ji shi, abin ya ƙara lalacewa.

Ajina dogo ne, rufin kwano, tagogi a buɗe saboda zafi, ga babura suna wucewa a titi. Sauti yana raguwa da nisa: a fili, duk lokacin da nisa ya ninka biyu yakan faɗi da kamar desibel 6, wato ma'aunin ƙarfin sauti. Maganar yau da kullum tana kusan desibel 60 ga wanda ke tsaye mita ɗaya daga mai magana, kafin ta kai bencin ƙarshe kuwa hayaniyar yara ta haɗiye ta. Ga kuma wata ɗabi'a da kowane ɗan Adam yake da ita, idan hayaniya ta ƙaru muryarsa takan tashi da kanta ba tare da ya yi niyya ba. Shi ya sa malami zai shiga aji ƙarfe bakwai da rabi da murya garau, kafin azahar yana jin kamar an zuba masa yashi a wuya.

Da na'urar, ina magana ne da muryar da zan yi hira da mutum ɗaya a tabarma, yaran baya kuma suna ji. Ga yadda na gane tana aiki, kuma kowa zai iya gwadawa a kansa. Da safe kafin fita, a ja sautin "iii" a siririyar murya, sama-sama, a hankali ƙwarai. Da yamma bayan an tashi aiki a sake. Idan da yamma sautin ya ƙi fitowa sai an matsa, ko ya riƙa yankewa, ko iska ta riga shi fita, tantanin sun kumbura a ranar. A da, daga ranar Talata wannan siririn sauti yake ɓace mini, ba ya dawowa sai Lahadi. Yanzu yakan kai ni Juma'a, sai dai ranar da na yi tsawa a filin wasa.

Sai dai fa akwai sharaɗi. Wata abokiyar aikina ta sayi irinta a mako guda da ni, bayan wata ɗaya ta ce mini, "Malama, ni ban ga bambanci ba, har yanzu wuyana ciwo yake." Na leƙa ajinta. Ta ɗaura na'urar, ta ƙure ƙararta, kuma tana ihu a cikin makirufo kamar yadda ta saba, har ajin maƙwabta suna rufe taga. Na ce mata, "Yaya, ki bar wa na'urar ɗagawar, ke ki sauko." Abin da muka yi shi ne ta tsaya gaban allo ta yi magana da muryar hira, aka sa yaro ɗaya a bencin ƙarshe, ana murɗa ƙarar kaɗan-kaɗan har ya ɗaga hannu alamar ya ji sarai. Nan aka tsaya, aka ɗiga farin fenti a kan maɓallin don kada a wuce. Bai ma kai rabi ba. Sabo da ihu yana da wuyar bari, ta ɗauki makonni kafin bakinta ya yarda cewa ana jin ta.

Wurin ajiye makirufo ma yana da muhimmanci. A sa shi a gefen baki, tazarar yatsu biyu, ba a gaban leɓe ba, in ba haka ba duk "b" da "f" sai sun fashe a kunnen yara. Idan an sunkuya duba littafin ɗalibi, makirufo yakan kusanci lasifikar da ke ƙugu, sai ta saki wata ƙara mai tsinin gaske. Maganinta a juya lasifikar ta koma gefen ƙugu tana kallon waje, ko a kashe kafin a sunkuya.

Aibobinta na jiki ba su da yawa amma suna da ban haushi. A kwalinta an rubuta batir yana awa goma, ni dai yana kai ni tashin makarantar boko, Islamiyya kuma sai na sake caji, abin da ba kullum yake yiwuwa ba idan an ɗauke wuta. Wayar makirufo siririya ce, daga wuyan filogi take fara karyewa, tawa sai da na naɗe ta da salatif tun tana sabuwa. Soson bakin makirufo yana shan ƙura da gumi, a cire shi a wanke duk mako. Ƙarfen da ke zagaya kai yana matsa kunne idan an ɗora shi a kan hijabi mai kauri. Duk wanda zai saya ya sa a kunna masa a shagon, ya yi magana a ciki, kuma ya sayi makirufo na biyu a ajiye.

Abin da na'urar ba ta taɓa ba shi ne bushewa, kuma a ƙasarmu wannan shi ne rabin matsalar. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo da ƙurar hunturu, ga ƙurar alli, daga Maris kuma zafin da ke haura digiri 40. Tantanin murya suna son danshi a kansu kafin su kaɗa cikin sauƙi. Mutane da yawa suna zaton ruwan da suka kurɓa yana wanke su nan take, alhali ruwa ta hanyar abinci yake bi, ba ya taɓa su, da ya taɓa da an ƙware. Sai ya shiga jiki tukuna danshin ya iso, don haka ruwan da zai yi wa darasin ƙarfe goma amfani shi ne wanda aka sha tun da asuba. Ina ajiye gora a tebur ina kurɓa tsakanin darussa, ma'aunina kuma launin fitsari, idan ya yi duhu ruwa bai isa ba. Abin da ke isa ga tantanin kai tsaye shi ne tururi. Da dare ina yin sirace da ruwan zafi zalla na minti 10, ba tare da na zuba man shafawa mai yaji a ciki ba. Zuma da citta suna sanyaya maƙoshi, ina sha, amma su ma ta hanyar abinci suke wucewa. Alawar nan mai sanyin minti da muke tsotsa tana rufe zafin ne kawai, mutum ya ci gaba da magana a kan ciwo.

Kawuna yana tafsiri da azumi a wani ƙaramin masallaci, ya ari na'urar ya gwada. Ta yi masa daidai a zaure da majalisin da bai wuce mutum hamsin ba, amma ba ta maye gurbin babbar lasifikar masallaci. Shi damuwarsa ma daban ce: yakan ci abinci mai maiƙo da yaji da sahur ya koma ya kwanta, ya tashi da ɗacin baki da murya a shaƙe. Wannan ƙwannafi ne, ruwan ciki ke tasowa ya ƙona maƙogwaro, ba abin da makirufo zai yi masa. Da ya daina kwanciya a kan cikakken ciki ya kuma rage yawan gyaran murya, wanda shi ma buga tantanin ne da ƙarfi, sai safiyarsa ta gyaru. Goggona mai sayar da atamfa kuwa cewa ta yi, "'Yata, wannan a kasuwa ai sai dai ado." Tana da gaskiya, ƙarfin na'urar na wat 10 ba ya ratsa hayaniyar kasuwa a fili. Abin da ya amfane ta shi ne wurin sa katin waƙa da ke jikinta. Aka ɗauki kiran cinikinta sau ɗaya a waya aka zuba a kati, na'urar tana maimaitawa, ita kuma ta ajiye muryarta don mai saye idan ya tsaya.

Idan mura ta kama mutum muryarsa ta dushe, na'urar tana jawo shi ya shiga aji tunda ko da ƙaramar murya za a ji shi. Kada a yarda. A ranakun nan tantanin a kumbure suke, hutu suke so, kuma raɗa da ƙarfi ba hutu ba ne, ita ma matsawa ce. A ba yara aikin rubutu a allo, a yi amfani da tafi ko ƙararrawa wajen tsawatarwa. Idan kuma dushewar ta wuce makonni 3 zuwa 4 ba ta tafi ba, a je wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda a asibitocinmu ake rubuta ORL a ƙofarsa, ya leƙa tantanin da idonsa. Mai shan taba, ko wanda ya ga jini a kaki, ko haɗiya ko numfashi ke yi masa wuya, ko ya ji ƙullutu a wuya, shi kam kada ya jira makonnin su cika.