Kafin ka kai wa sufabaiza taken furojet, fara riƙe littafin a hannunka

Ɗaliban ilimin addinin Musulunci a Birnin Kebbi sukan zo min da take iri uku. Tambayata ɗaya ce: asalin abin da za ka nazarta, ka taɓa shi da hannunka?

Nazarin hukunce-hukuncen kotunan shari'a tun daga 2000 yana da daɗin ji, amma za ka ƙare zango kana zarya wajen magatakarda. Binciken makarantun allo a ƙauyuka kuwa, da halin da hanyoyi suke ciki, ba zan tura ƙanena ba.

Nawa zaɓin shi ne rubuce-rubucen Malam Abdullahi na Gwandu. Sai dai kada zumuɗi ya kai ka ga Liya'ut Ta'wili, tafsiri ne mai mujalladai, ya fi ƙarfin wata shida. Ɗauki Ida'un Nusukhi, ɗan ƙaramin littafin da ya lissafa malamansa da littattafan da ya karanta a gabansu. A nan ya faɗi cewa mahaifinsa ya koya masa Alƙur'ani, sannan ya koma hannun yayansa Shehu Usmanu yana ɗan shekara 13, ya karanta irin su Ishiriniya da Ajuruma da Ahalari da Ishmawi da Risala. Ka fitar da sunayen littattafan, ka ware na fiƙihu daban, na nahawu daban. Daga nan ka shiga mota zuwa Gwandu, ka zauna a zaure uku ko huɗu, ka tambayi malamai wanne ake biyawa har yau, wanne aka ajiye, me ya maye gurbinsa. Babi na huɗu ya samu ke nan, kuma naka ne. Kar dai ka ce sakamakon ya shafi duk ƙasar Hausa, zaure huɗu ka gani.

Inda ake cutar ɗalibai shi ne wajen kwafi. Ni a shekarar ƙarshe na sayi fotokwafin wani rubutun hannu a wani shago, na yi wata biyu a kansa, ashe waraƙa biyu babu a tsakiya. Malamina ya ɗaga shafi ɗaya kawai ya ce, "Kai, duba kalmar nan ta ƙasa." Masu kwafi sukan rubuta kalmar farko ta waraƙa mai zuwa a gindin wadda ta gabace ta. Tawa ba ta dace da ta gaba ba. Ka bi wannan waraƙa-waraƙa tun kana bakin shago, kafin kuɗi su bar aljihunka.

Shekarar da ke ƙarshen rubutu ma sau da yawa ta mai kwafi ce, ba ta mawallafi ba. Kuma rubutun Magaribi ne: fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Wanda ya saba da bugun Masar sai ya yi ta karanta ƙaf a matsayin fa. Ka samo kwafi biyu daga hannu daban-daban ka gwama, in da hali ɗaya daga ɗakin adana tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato.

Masu sayar da furojet gamamme a bakin makaranta kuwa, ka ce su nuna maka shafin Larabcin da suka ɗauko maganar, ka ga yadda za a fara kame-kame.