Mita ɗaya, magidanta huɗu: a raba daidai, a ƙirga kaya, ko a sa ƙananan mitoci?

"Salam 'yan uwa. Ni nake kula da gidan mahaifinmu a Kano, 'yan haya huɗu ne, mitar kati ɗaya, ga bohol. Kullum faɗa a kan kuɗin wuta. Gwauron da ke ciki ya ce ana zaluntarsa, mai firiza ta ce ba ita kaɗai ke shan wuta ba. Ina so in tura musu saƙo in kafa tsari. Wanne ya fi adalci, kuma yaya zan rubuta?"

Wa alaikumus salam, Malam. Gwauron nan da gaskiyarsa, mai firiza ma ba ƙarya ta yi ba. Kafin ka rubuta komai, ka raba maganar wuta da maganar ruwa, domin ba ma'auni ɗaya suke bi ba. Wuta kayan da aka jona take bi, ruwa kuwa yawan mutane yake bi. Da yawa daga cikin rigimar gidan haya daga cakuɗa waɗannan biyun take tasowa.

Bari mu ɗauki misali mu auna hanyoyin uku a kansa. A ce a wata guda gidanku ya sha yunit 360, kuma kun sayi kati na naira 81,000. Kowane yunit ya faɗi a naira 225 ke nan. Ka lura da yadda na samo wannan: kuɗin da aka biya na raba da yawan yunit ɗin da aka samu. Haka za ka riƙa yi, kada ka dogara da farashin da ka ji a rediyo, saboda akwai harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kai, kuma farashi ya danganta da rukunin da layinku yake. Tun watan Afrilun 2024, da hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin 'yan rukunin A zuwa naira 225, tazarar da ke tsakaninsu da sauran rukunai ta yi faɗi sosai. Rasit ɗinka shi zai gaya maka gaskiyar naka.

Hanya ta farko ita ce a raba daidai. Naira 81,000 gida huɗu, kowa ya kawo 20,250. Ba lissafi, ba leƙen ɗakin kowa. Idan magidantan sun yi kusa da juna a kayan wuta, babu laifi. Amma a gida irin naku, dubi gwauron: ƙwai biyu, fanka ɗaya, cajin waya, wataƙila 'yar talabijin. Fanka mai wat 70 in ta kwana tana juyawa awa goma ba ta kai yunit ɗaya ba. Duka-duka yunit 30 zai sha a wata, wato naira 6,750. An karɓi 20,250 a hannunsa. Sauran yana biya wa ƙanƙarar maƙwabciyarsa ne. Wata illar kuma, tunda kowa ya san abin da zai biya ba zai canza ba, babu mai tashi ya kashe ƙwan da ya bari a kunne.

Hanya ta biyu ita ce ƙirga kaya, abin da ake kira foyin. A zaga ɗaki-ɗaki, a ce ƙwai foyin ɗaya, fanka biyu, talabijin biyu, firji huɗu, dutsen guga uku, sai a tara a raba kuɗin. A nan zan ɗan tsaya, domin ita mutane suka fi ɗauka a matsayin adalci, alhali ita ta fi jawo gaba.

Matsalarta ta farko, lambobin da ake bai wa kayan ba su da alaƙa da abin da suke sha. Ƙwan zamani mai wat 10 sai ya yi awa ɗari a kunne kafin ya cinye yunit ɗaya. Hitar dafa ruwa mai wat 1,500 a cikin minti arba'in za ta cinye wannan yunit ɗin. To wane foyin za ka ba hita idan ƙwai ɗaya ne? Duk abin da ke yin zafi, hita, dutsen guga, rishon lantarki, da abin da ke kwana yana sanyayawa kamar firiza da na'urar sanyaya ɗaki, su ne masu cin kati. Ƙwai da cajin waya da ake yawan faɗa a kansu ba su taka kara sun karya ba.

Ta biyu, foyin yana ƙirga abin da mutum ya mallaka, ba ya ƙirga sau nawa ya kunna. Mai goge kayan Juma'a kaɗai da mai goge yunifom ɗin yara biyar kullum safiya, dutse ɗaya kowa yake da shi. Ta uku kuwa, kaya suna ɓuya. A wani gida da na taɓa zama, ranar ƙirga babu wanda ke da hita. Da hunturu ya shigo, katin da kan kai mu kwana goma ya koma kwana shida. Kowa yana wanka da ruwan zafi, kowa yana rantsuwa a kan gawayi ya ɗora. Ƙarshenta sai da aka fara laɓe a jikin tagar juna da asuba, kuma zumuncin gidan bai koma daidai ba.

Idan dole sai foyin, to a gina shi a kan wat sau awa. Ka duba wat ɗin da aka rubuta a jikin kayan, ka ninka da awowin da yake aiki a rana, ka raba da dubu, ka sami yunit. Ya fi na kintace nesa ba kusa ba, amma har yanzu a kan amana yake tsaye.

Hanya ta uku, wadda ni ita zan ba ka shawara, ita ce ƙananan mitoci. Mitar kamfani tana nan yadda take, ba a taɓa ta. Bayanta ne mai gyaran wuta zai sa wa kowane sashe 'yar mitarsa, irin wadda ake sayarwa a shagunan kayan wuta. Ita ba ta karɓar kati, ƙirga kawai take yi, lambar da ke gaban kWh, wato yunit, tana hawa sama. Ranar ɗaya ga wata ka karanta, ka cire lambar watan jiya daga ta wannan watan.

A misalinmu, a ce ta gwauro ta nuna 30, ta mai iyalin nan mai yara da yawa 70, ta mai firiza 120, ta huɗun mai firji da hita 100. Jimla 320. A kan naira 225, gwauro 6,750, mai yara 15,750, mai firiza 27,000, na huɗu 22,500. Dubi mai yaran nan: mutum shida ne a sashensa, amma wutarsa ba ta kai ta mai firiza mai mutum uku ba. Da an raba wuta da kawuna, shi za a cuta.

Saura yunit 40 da babbar mita ta ci amma ba su fito a ƙananan ba. Waɗannan na kowa ne: sumon bohol da fitilun tsakar gida da na ƙofa. Sumo mai ƙarfin doki ɗaya in ya yi awa guda kullum yana cika tanki, zai sha kusan yunit 25 zuwa 30 a wata. Kuɗin wannan ragowar naira 9,000 ne, kuma tunda yawancinsa ruwa ne, a nan ake ƙirga kawuna. A ce gidan mutum 15 ne: ɗaya, shida, uku, biyar. Kowane kai naira 600. Sai gwauro ya tashi da 7,350, mai yara 19,350, mai firiza 28,800, na huɗu 25,500. Ka tara, 81,000 cif. Haka za ka raba kuɗin 'yan garuwa ranar da sumo ya lalace. Sai dai mai sana'a da ruwa, kamar wadda ke ƙulla zoɓo ko wanki da guga, ku yi yarjejeniya a ƙara mata kai biyu ko uku. Jariri mai shan nono kuma ni ba na ƙirga shi, ko da yake iyayensa sun fi kowa wanki. Wannan ku sasanta.

Ƙananan mitoci ma suna da nasu. A tsofaffin gidaje wayoyi a cakuɗe suke, sai ka tarar soket ɗin kicin ɗin wani yana kan layin maƙwabcinsa. Gwajin ba wuya: ranar da aka sa mitocin, a kashe layin sashe ɗaya, a shiga a duba ko akwai abin da ya rage a kunne. In akwai, a kan wani yake ci. A yi wa kowane sashe haka, mazauna gidan suna tsaye. Sannan ka riƙa lura da ragowar nan ta kowa. Idan kullum tana wajen 40, sai wani wata ta yi tsalle zuwa 90, to ko tanki na yoyo sumo na ta aiki, ko wani ya ja waya ta bayan mitarsa. Kuma idan akwai tsohon bashi a kan mitar gidan da ake cirewa duk sanda aka sayi kati, wannan ba na 'yan hayar yanzu ba ne, ka ware shi. Wanda ya fi duka shi ne kowane sashe ya nemi tasa mitar daga KEDCO, amma wannan sai an raba wayoyi gaba ɗaya, ga kuɗi ga jira.

Saƙon kuwa, kada ka kama sunan kowa, kada ka ambaci firiza. Ka sa lambobi su yi magana. Ga yadda zan rubuta:

"Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana mazauna gida. Domin kowa ya biya abin da ya sha, daga wata mai zuwa za a sa wa kowane sashe ƙaramar mita. Ranar ɗaya ga wata bayan la'asar za mu karanta su tare, zan ɗauki hoto in turo nan haɗe da rasit ɗin katin da aka saya. Kuɗin yunit shi ne abin da aka biya a raba da yunit ɗin da aka samu. Wutar sumo da fitilun waje za a raba ta bisa yawan mutanen kowane sashe, don haka kowa ya turo min adadin mutanensa, baƙon da ya wuce mako biyu a sa da shi. Kowa zai ajiye kuɗin kati a farkon wata gwargwadon abin da ya sha a watan baya, a ƙarshen wata a cika ko a mayar masa da canji. Mai gyara ko shawara ya faɗa kafin Juma'a. Allah Ya bar zumunci."

Kuɗin sayen mitocin, ka yi magana da mahaifinku ya ɗauka, tunda a jikin gidansa za su zauna ko ɗan haya ya tashi. Kuma ka sa a haɗa su a akwati ɗaya a zaure, mai gilashi da kwaɗo, yadda kowa zai iya leƙa lambarsa in zai wuce, makulli yana hannunka.