Riga mai yanka ƙarƙashin ƙirji ko buɗaɗɗiya: wacce ta fi wa mai ciki a biki?

"'Yan'uwa ku ba ni shawara. Cikina sati 26, bikin ƙanwata saura sati shida. Tela ta ce in zaɓa: doguwar riga mai yanka a ƙarƙashin ƙirji, ko buɗaɗɗiya wadda ba yanka ko ɗaya. Ba na son takura, kuma ba na son in fito kamar na ninka girmana. Sai takalmi, filat ko mai ɗan tudu?"

Allah ya raba lafiya, 'yar'uwa. Kafin a zaɓi riga, a fara lissafa jikin da zai sa ta, domin ba na yau ba ne. Ranar bikin kina sati 32. Daga wajen sati 24 zuwa 36, tsayin cikin da ake auna miki a wurin awo yana ƙaruwa da kusan santimita ɗaya duk sati, wato kan mahaifa zai ƙara hawa da kimanin santimita shida kafin ranar, ya yi nisa da cibiya ya doshi haƙarƙari. Shi ma kewayen haƙarƙarin yana buɗewa lokacin ciki, galibi inci biyu ko fiye, ga ƙirji yana cika. Kafaɗa kuwa ba ta cika canzawa ba. Duk bambancin rigunan nan biyu yana nan: ɗaya tana rataye a kafaɗa kaɗai, ɗaya tana rataye a kafaɗa kuma tana kama ƙarƙashin ƙirji.

Buɗaɗɗiyar ita ce mai sauƙin sha'ani. Idan kafaɗa ta zauna, hammata ba ta matse ba, to ko cikin ya ƙaru fiye da yadda aka zata, rigar za ta ɗauke shi. Ba abin da ke danna saman ciki, iska tana shiga, kuma bayan haihuwa za ki ci gaba da sa ta ba tare da an taɓa ɗinkin ba. Inda take ba mace kunya shi ne siffa. Yadi yana sauka ne daga wurin da ya fi fitowa a jiki, kuma a sati 32 wannan wurin ciki ne. Daga ƙirji zai miƙe zuwa tsinin ciki, daga nan ya zuba ƙasa a tsaye, sai duk jikin ya ɗauki faɗin cikin tun daga sama har ƙafa. Mai kallo daga gefe ba zai ga mace mai juna biyu ba, zai ga mace mai faɗi. Abin yana tsananta idan yadin mai tauri ne, ko matar gajeriya ce.

Mai yankan kuma tana nuna wurin da ya rage siriri a jikinki, wato layin da rigar mama take zama, sannan ta saki komai daga nan zuwa ƙasa. Ido yana ganin inda ƙirji ya ƙare, inda ciki ya fara, kuma ƙafa tana ƙara tsayi saboda siket ɗin ya taso daga can sama. A wajen kyau ta yi wa buɗaɗɗiya nisa. Sai dai ita ce mai neman tela da ta san aikinta, domin wannan layin ne daidai inda haƙarƙari ke buɗewa kuma inda ciki ke tasowa ya tarar. Idan aka ɗinke shi cif da awon yau, a ranar bikin za ki iya tsayuwa da shi, amma da kin zauna kin ci abinci zai fara danna ki, numfashi ya gajarce, ƙwannafi ya taso.

Ni dai mai yankan zan ce ki ɗinka, da sharaɗin a bar mata hanyar buɗewa. Ga yadda za ki yi da telar.

Ki je awo da rigar maman da za ki sa ranar, sabuwa wadda ta yi miki daidai yanzu a maƙalarta ta ciki, domin sauran maƙalai su rage miki na sassautawa nan gaba. A ce an auna ƙarƙashin ƙirji an sami inci 34. Gaban rigar a ɗinka shi lafiyayye yadda zai kwanta, amma baya a sa roba mai faɗi mai laushi, ko igiyar ɗaurewa, yadda layin zai iya kaiwa inci 37 ko 38 ba tare da ya ja ba. Zif shi kaɗai ba ya yafiya. In har za a sa shi, a bar rarar yadi inci ɗaya a kowane ɗinkin gefe don a iya buɗewa daga baya. Yankan kansa ya zauna daidai kan layin rigar mama. Teloli da yawa suna saukar da shi inci biyu ƙasa saboda haka suka saba yi wa marasa ciki, to a jikinki cikin zai tura shi sama, yadi ya taru ya yi ƙullutu a ƙarƙashin ƙirji.

Sai faɗin siket. A ce kewayen cikinki a wuri mafi girma inci 40 ne yau. Idan yadin ba ya miƙewa, kada faɗin rigar a wannan wurin ya gaza inci 48 zuwa 50, domin ban da ƙaruwar sati shida, ciki yana bazuwa idan aka zauna. Amma inda aka zuba wannan rarar ya fi yawanta muhimmanci. Tattara ta taru a gaba, kan cikin, ta yi sauƙi a gefe, baya kuma kusan a bar shi sumul. Idan aka zagaye jiki duka da tattara iri ɗaya, ƙugu da baya za su kumbura, sai ki koma ga matsalar da kika guje wa a buɗaɗɗiya.

Akwai abu ɗaya da rigunan biyu suka yi tarayya a kai, kuma shi aka fi mantawa: ciki yana cin tsawon gaba. Rigar da bakinta ya daidaita yau, nan da sati shida gabanta zai ɗage, baya yana jan ƙasa. Ki ce a ƙara wa gaba inci biyu zuwa uku, kuma kada a kalmashe ƙasan sai gwajin ƙarshe, kamar sati ɗaya kafin biki, kina sanye da takalmin da za ki je da shi. Bakin rigar ya tsaya a idon sawu ko ɗan ƙasa kaɗan, kada ya share ƙasa. A wannan watan ba kya ganin ƙafarki idan kina sauka daga matakala, kuma taka bakin riga yana cikin hanyoyin faɗuwa mafi sauƙi.

A gwajin nan kada ki tsaya gaban madubi kawai. Ki zauna a kujera na minti biyar, ki ja dogon numfashi, ki ɗaga hannu sama, ki sa yatsu biyu ƙarƙashin yankan. Idan yatsun ba su shiga ba, ko kin cire rigar kin ga jan layi a fata, a buɗe ta.

Yadi kuwa, kowace kika zaɓa, ki nemi mai zuba, wanda idan kika ɗora shi a hannu yake bin hannun ya sauka. Mai tauri yana tsayawa nesa da jiki kamar laima. Yadin satin mai ƙyalli sosai yana tona cibiya da layin kayan ciki, kuma gumi yana fitowa a kansa ɓaro-ɓaro. Ki kula da shafin ciki fiye da yadin waje, tunda shi ke taɓa fata. Jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, jiki yana ɗaukar zafi da wuri, shafin roba kuma yana riƙe zufa. A sa na auduga marar nauyi.

Yaushe buɗaɗɗiya za ta yi nasara? Idan ƙwannafi ya riga ya matsa miki, ko cikinki irin mai zama a sama ne har kina jin sa a haƙarƙari, ko 'yan biyu ne, ko ba za ki samu komawa gwaji na biyu ba. A nan kada ki yi jayayya da jikinki. Ana gyara mata siffa ta wata hanya: kafaɗa ta zauna cif ba ta zubo ba, wuya ya ɗan yi tsini zuwa ƙasa, hannun riga kada ya yi faɗi shi ma, adon kuma ya taru a wuya da ƙirji. Launi ɗaya daga sama har ƙasa yana ƙara tsayi.

Batun takalmi ya fi na riga gajarta, amma shi ne zai yanke ko za ki kai ƙarshen taron a tsaye. Mai tsini ya fita daga lissafi: nauyinki ya riga ya karkata gaba, jijiyoyin gaɓɓai sun saki, tsinin kuma yana ƙara lanƙwasa baya. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne filat ɗin nan siriri, wanda tafinsa yake kamar ba komai, shi ma ba alheri ba ne. Lokacin ciki bakan tafin ƙafa yana ɗan sauka, har ƙafar wasu ta ƙara tsawo su haura rabin lamba, kuma takalmin da ba ya tallafar tsakiyar tafi yana barin dunduniya da ciwo bayan awa biyu na tsayuwa. Silifas marar madauri kuma yatsu ne ke aikin riƙe shi, ga saurin suɓucewa a kan tayil.

Tsakanin biyun da kika ambata, mai ɗan tudu ya fi, in dai tudun mai faɗi ne, bai wuce inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba, yana da madauri a bayan dunduniya wanda ake iya sassautawa, gabansa da fili, ƙasansa kuma roba ce mai kama ƙasa. Filat yana cin nasara ne kawai idan tafinsa mai kauri ne da ɗan tudu a tsakiya. Ki saye shi da yamma, lokacin da ƙafa ta fi kumbura, kuma kada ki saya yau. Ki bari sai saura kamar sati biyu, ki riƙa sa shi a gida don ya saba da ƙafarki. Madaurin ya zama wanda za ki iya ɗaurewa ba sai kin sunkuya sosai ba.

A wurin taron, duk lokacin da kika samu zama ki ɗan ɗaga ƙafa, ki riƙa juya idon sawu, kada ki harɗe ƙafafu. Kumburin da ke zuwa a hankali a ƙafa biyu, ya ƙaru da yamma ya sauka da safe, abu ne da aka saba gani a wannan watan. Amma idan ya zo farat ɗaya har fuska da hannu, da ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi, ko kuma ƙafa ɗaya ce ta kumbura tana zafi da ciwo a sha raɓa, wannan ba maganar takalmi ba ce. Ki bar bikin ki tafi asibiti a ranar.